Yadda Kwamfuta Ke Samo Launin Ɗigo Ɗaya Idan An Juya Hoto

Hoton da ke cikin waya ko kwamfuta jerin ƙananan ɗigogi ne, layi bayan layi, ana kiran kowane ɗigo fiksel. A hoto marar kala, kowane ɗigo lamba ɗaya ce tsakanin 0, wato baƙi ƙirin, da 255, fari fat. Idan aka juya hoton ko aka ƙara masa girma, ɗigogin asali ba sa faɗawa daidai a gurbin sababbin. Da za a ɗauki kowane tsohon ɗigo a tura shi sabon wurinsa, wasu gurabun za su samu biyu, wasu kuma su tashi babu komai, hoton ya fito da ramuka. Shi ya sa manhajoji ke yin lissafin da baya: a tsaya a kan kowane ɗigo na sabon hoto, a nemo inda ya fito a tsohon.

A ɗauka an ninka girman hoto sau biyu, aka kuma juya shi da kusurwar digiri 37 ko kusa da haka, inda `cos` yake 0.8, `sin` kuma 0.6, ana juyawa a kan lungun hoton da ake fara ƙirge daga gare shi. Ana neman launin ɗigon da ke shafi na 6, layi na 13 a sabon hoton. Sai a warware juyin, sannan a raba da biyu:

```
x = ( 6×0.8 + 13×0.6) / 2 = 6.3
y = (−6×0.6 + 13×0.8) / 2 = 3.4
```

To amma babu ɗigo a 6.3 da 3.4. Wurin ya faɗo ne tsakanin ɗigogi huɗu. A layi na 3, shafi na 6 yana da 40, shafi na 7 yana da 200. A layi na 4 kuma akwai 60 da 220. Wato nan bakin wani abu ne a hoton, duhu ta hagu, haske ta dama.

Hanya ta farko, wadda manhajoji ke rubutawa `Nearest Neighbor`, ita ce ɗaukar maƙwabci mafi kusa. A mayar da 6.3 zuwa 6, a mayar da 3.4 zuwa 3, a kwafo 40. Shi ke nan, sauran ukun ba a ko waiwaye su ba.

Hanya ta biyu, `Bilinear`, kowanne daga cikin huɗun tana ba shi rabo gwargwadon kusancinsa. Tunda wurin ya gusa 0.3 daga shafi na 6, na hagu zai samu 0.7, na dama 0.3. Haka za a yi wa layukan biyu, sannan a gauraya sakamakonsu, na sama ya samu 0.6, na ƙasa 0.4:

```
0.7×40 + 0.3×200 = 88
0.7×60 + 0.3×220 = 108
0.6×88 + 0.4×108 = 96
```

Ɗigo ɗaya, amsa biyu: 40 da 96. Bambancin ya fi fitowa idan aka leƙa ɗigon da ke biye, na shafi na 7, wanda asalinsa ya faɗo a 6.7 da 3.1. Hanyar farko za ta yi tsalle daga 40 zuwa 200 lokaci guda, ta biyu kuwa daga 96 za ta hau 154. Wannan tsallen ne ke sa gefen abu ya fito da gargada kamar haƙoran zarto. Hawa a hankali yana kawar da gargadar, sai dai yana ɗan dusashe hoton, kuma duk juyin da aka ƙara, dusashewar na ƙaruwa. Don haka gara a haɗa juyi da ƙarin girma a lissafi ɗaya, daga hoton asali. A hoto mai kala, lissafin nan ake maimaitawa sau uku, ga ja da kore da shuɗi.

Abin lura shi ne 96 ba ta cikin huɗun nan. Ƙirƙirarta aka yi. A hoton fuska ko fili wannan ba laifi ba ne. Amma a taswirar da lamba 1 ke nufin ruwa, 2 gona, 3 daji, gauraya ruwa da daji zai haifar da gona a inda babu ita. Irin wannan aiki sai maƙwabci mafi kusa, domin ba ya kawo lambar da babu ita tun farko.

Wajen rage girman hoto sosai kuwa, dukansu biyu suna gazawa. Idan aka rage faɗi da tsawo sau goma, kowane sabon ɗigo yana wakiltar tsofaffi 100, alhali ɗaya ko huɗu kawai ake dubawa. Alamar haka ita ce siraran layuka su tsintsinke, tufa mai ratsi-ratsi kuma ta fito da wani zane da ba nata ba. Maganinsa a ɗauki matsakaicin duk ɗigogin da sabon ɗigon ya rufe.