Ƙwallo Mai Tsalle: Darasin Farko na Motsa Hoto a Blender

Ƙwallon da ya faɗo ƙasa ya yi tsalle shi ne darasin da masu koyon zanen motsi suke farawa da shi, domin a cikinsa ake gane bambancin abu mai nauyi da abin da ke shawagi kawai. Blender manhaja ce ta kyauta da Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya kafa, tun 2002 kuma kowa na iya saukar da ita ba tare da biyan ko sisi ba.

Da an buɗe ta, akwati ne ke tsakiyar allo. Sai a share shi da `X`, a danna `Shift+A`, a shiga Mesh a ɗauko UV Sphere, a kuma ɗauko Plane ya zama daɓe. Wani abu da ke rikita sabon shiga shi ne, Blender tana auna wurin ƙwallo daga cibiyarsa, daga cibiya zuwa fata kuwa mita 1 ne. Don haka ƙwallon yana zaune a kan daɓe ne idan tsayinsa, wato Z, yana kan 1. In aka sa 0, rabinsa ya nutse.

Fim jerin hotuna ne, Blender kuwa tana nuna firam 24 a daƙiƙa in ba a canza ba. Mai aiki ba ya tsara kowane firam. Muhimman wurare kaɗai yake kafawa, waɗanda manhajar ke kira Keyframe, ita ta cike tsakani. A zaɓi ƙwallon, a danna `N`, a rubuta 5 a gidan Location Z alhali ana firam na 1, sannan a ɗora linzami a kan gidan a danna `I`. Gidan zai koma rawaya, alamar ya kamu. Haka za a yi a firam na 13 da lamba 1, na 21 da 3, na 29 da 1, na 35 da 2, na 41 da 1.

Lambobin nan ba na ka ba ne. Faɗuwar farko mita huɗu ce cikin firam 12. Tsalle na biyu rabin wannan ne, yana cin kusan firam 8 hawa, 8 sauka. Na uku rubu'i ne, shi kuwa firam 6. Ƙa'idar faɗuwa ke nan: tsayi ya koma rubu'i, lokaci ya koma rabi. Wanda ya rage tsayi ya bar lokaci yadda yake, zai ga ƙwallonsa yana ƙara sanyin jiki da kowane tsalle.

Da an danna `Space` za a ga abin takaici. Ƙwallon yana saukowa, yana rage gudu kafin ya isa ƙasa, ya taɓa ta a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai, sannan ya tashi. Laifin ba na lambobi ba ne. Blender tana sassauta motsi a kowane Keyframe, shiga da fita. A can sama hakan daidai ne, don ƙwallo yakan ɗan dakata kafin ya juyo. A ƙasa kuwa kuskure ne, saboda nan ne gudunsa ya fi tsanani.

Maganin yana cikin Graph Editor. A can layin Z Location zai bayyana kamar igiyar ruwa, sama a lanƙwashe, ƙasa a lanƙwashe. Sai a zaɓi ɗigogin ƙasa guda uku, na 13 da 29 da 41, a danna `V`, a zaɓi Vector. Nan take gindin layin zai yi tsini, ya koma kamar ƙwarya uku a kife a jere, kowace ta fi ta gabanta ƙanƙanta. In an sake kunnawa, ƙwallon zai bugi ƙasa da ƙarfi ya tashi. Kada a taɓa ɗigogin sama. In aka yi musu Vector, sai ya zama kamar yana karo da rufin da ba a gani.

Saura lotsewa, wadda ke nuna roba ce. A kafa Scale a kan 1 a firam na 12 da na 15, a na 13 kuma a sa Z a 0.7, X da Y a 1.2, domin abin da ya ragu a tsayi ya fito a faɗi. Tunda daga cibiya yake lotsewa, gindinsa zai bar daɓe, sai a sauke Location Z zuwa 0.7 a wannan firam a sake danna `I`. A duba daga gaba da `Numpad 1`: in akwai rata tsakanin ƙwallo da daɓe a firam na 13, gyaran bai zauna ba. Ƙwallon ƙarfe ba a yi masa wannan mataki kwata-kwata.