Yadda ake taƙaita cinikin da aka naɗa ta waya

'Yan kasuwa da dama sukan naɗi muryar cinikin da suka yi ta waya, amma naɗin kaɗai ba ya kashe gardama. A hirar minti goma ana iya ambaton farashi huɗu ko biyar, daga baya kowa ya riƙe wanda ya yi masa daɗi. Aikin taƙaitawa shi ne a raba abu uku: abin da mai kaya ya nema, abin da mai saye ya taya, da abin da aka sallama a kai.

Ga misali. Wani ɗan kasuwa a Kaduna ya kira mai hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano yana neman masara buhu 200. Mai kaya ya ce naira 48,000 kowane buhu. Mai saye ya taya 43,000, aka ce masa albarka. Can a minti na bakwai mai kaya ya ce zai bari a 45,000 idan mai saye zai ɗauki kuɗin mota. Mai saye ya ce, "To, bari mu gani."

Wanda ya rubuta "an daidaita a kan 45,000" ya yi kuskure biyu. Da farko ya yar da sharaɗin. Idan kuɗin mota naira 2,000 ne a kan kowane buhu, rigimar naira 400,000 ke nan ya binne a cikin layi ɗaya. Na biyu, ya mayar da "to" amincewa, alhali sau da yawa ma'anarta "na ji" kawai. Ciniki bai faɗa ba sai an ji mai kaya ya sallama, mai saye kuma ya karɓa a fili.

Abin da ya kamata a rubuta shi ne: mai kaya ya sauko daga 48,000 zuwa 45,000, bisa sharaɗin kuɗin mota na kan mai saye. Tayin mai saye na ƙarshe 43,000 ne, bai kuma amsa sharaɗin ba. Kowace magana a sa mintin da aka faɗe ta a gefe, domin mai shakka ya koma ya saurara.

Daga nan sai a jera abin da ba a taɓo ba ko kaɗan: nauyin buhun, kuɗin 'yan dako, la'adar dillali, kafin alƙalami da ranar cika kuɗi. Kada a cike waɗannan da zato, ko da an san al'adar kasuwar.

A ƙarshe a tura wa ɗaya ɓangaren rubutun tun ranar, a nemi ya gyara ko ya amsa a rubuce. Wannan ya fi sauƙi idan tun farkon kiran an sanar da shi cewa ana naɗa.