Mugunya A Cikin Gwiwa: Allura Ko Wanki?

A cikin zangon karatun da ya wuce wani malami na kwalejinmu ta horon malamai, mai shekara 52, wanda ya daɗe da ciwon sukari, ya wayi gari gwiwarsa ta dama ta kumbura, ta yi zafi rau, ko taɓawa ba ta yiwuwa. Mutanen gida suka ce sanyi ne, wani ya kawo shawarar a kira wanzami ya yi sakiya. Sai rana ta uku aka kai shi asibiti, mu kuwa da muka raka shi muka ga yadda likitoci suka bi da al'amarin. Da yardarsa muke ba da labarin nan.

Likita ya ce abin da yake tsoro shi ne ƙwayoyin cuta sun shiga cikin gaɓar, yawanci ta hanyar jini. Gaggawar kuwa saboda guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙasusuwa ce, domin mugunya tana cinye shi cikin 'yan kwanaki, in ya tafi kuma ba ya dawowa. Malamin ya ce ai jikinsa ba zazzaɓi. Likita ya amsa cewa masu wannan ciwo da yawa ba su zuwa da zazzaɓi, saboda haka ba a dogara da shi. Abin dogara shi ne ruwan gwiwar kansa.

Aka wanke fata sarai, aka soka allura mai kauri ta gefen waje, daidai saman ƙoƙon gwiwa, aka zuƙo. Ruwan lafiyayyar gwiwa bai kai cikin cokalin shayi ba, garai-garai yake, yana da yauƙi kamar farin ƙwai. Na malaminmu ya kai mililita 70, gurɓatacce kamar kunu, ba yauƙi. Aka ɗebi jininsa kuma, sa'an nan aka fara ba shi magani ta jijiya. A lura da wannan jeri: zuƙa tukuna, magani daga baya. Wanda ya sha kafso na kemis kafin ya zo, ya rage wa ƙwayoyin ƙarfi bai kashe su ba, sai a neme su a ɗakin bincike a rasa, a shiga magani da ka.

Abu na farko da aka yi da ruwan shi ne ƙidayar fararen ƙwayoyin jini a cikin maikirolita ɗaya, watau ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. A gwiwa mai lafiya ba su kai 200. In sun haura 50,000, kuma kashi 90 cikin 100 irin waɗanda ake kira nutirofil ne, to zato ya yi ƙarfi. Na malamin 88,000 ne. Amma fa wannan adadi ba katanga ba ne. In ciwon yana farkonsa, ko jikin mutum ya raunana, ƙidaya takan zo ƙasa da haka alhali cutar tana nan. Aka kuma duba ko akwai ƙanƙarar gishirin nan mai kama da allurai da ke haddasa ciwon gawut, wanda shi ma yakan kumbura gwiwa farat ɗaya. Ba a gani ba, ko da an gani ma ba a sallami mutum ba, domin cututtukan biyu sukan haɗu a gaɓa ɗaya.

Sa'an nan aka rina ruwan da rinin da Giram, wani likitan ƙasar Denmak, ya ƙago a 1884, aka duba a madubin ƙara girma. Wannan rini, in an yi sa'a, a cikin rabin masu ciwon yake nuna ƙwayar, don haka rashin gani ba lafiya ba ne. An shuka sauran ruwan, bayan kwana biyu ƙwayar ta tsiro: Sitafilokokus oriyus, wadda ke kawo maruru a fata. Ita ce ta fi kowace yawa a gwiwar manya, sai Sitiraftokokus ke bin ta. Ga matasa akan tuna da ƙwayar ciwon sanyi na saduwa, wadda ke da wuyar tsirowa daga ruwan gaɓa, ga tsofaffi kuma da ƙwayoyin hanji da na mafitsara. A ƙasarmu akwai ƙari: mai amosanin jini akan yi masa zaton Salmonela, kumburin da ya yi watanni yana tafiya sannu kuwa a binciki tarin fuka.

To, magani kaɗai ba ya isa, dole a fitar da mugunya, a nan ne kuma likitoci suke da hanya biyu. Ta farko ita ce a riƙa zuƙewa da allura kowace rana har gwiwa ta daina tarawa. Ba ta bukatar ɗakin tiyata ko maganin barci, kuɗinta kaɗan ne, ta dace da wanda ya zo da wuri, ruwansa bai yi kauri ba, ko tsohon da zuciyarsa ba za ta ɗauki tiyata ba. Wani bincike da Goldinbag da abokan aikinsa suka buga a Amirka a 1975 ya nuna waɗanda aka yi wa allura ba su kasa waɗanda aka yi wa aiki ba. Sai dai sun duba tsofaffin takardun marasa lafiya ne, ba su raba mutane da ƙuri'a ba, aikin wancan zamani kuma tsaga gwiwa ne gaba ɗaya.

Da allura aka fara wa malaminmu. Rana ta biyu aka samu mililita 45, muka yi murna. Rana ta uku mililita 8 kawai ta fito, muka ƙara murna, sai likita ya girgiza kai. Gwiwar tana nan tim, zafi bai ragu ba, ƙidaya ba ta sauka ba. Ashe mugunyar ce ta daskare, wani zare-zare ya raba ta ɗaki-ɗaki, allura kuwa ɗaki ɗaya take isa, sa'an nan ta toshe. Ƙarancin abin da ke cikin sirinji alheri ne in kumburi ya saɓe tare da shi. In bai saɓe ba, allura ta gaza ke nan.

Washegari aka yi masa wanki da na'urar hangen gaɓa, atiroskof, wadda Watanabe na Japan ya kyautata wajen ƙarshen shekarun 1950. Akan huda ƙofofi biyu ko uku, kowace ba ta wuce faɗin farce ba. Ta ɗaya a sa madubi mai fitila, ta ɗaya a sa kayan aiki, a tura ruwan gishiri lita da yawa har ya riƙa fitowa garau. Na malamin lita 9 aka yi. Fifikon wannan hanya shi ne likita yana gani da idonsa: ya farfasa ɗakunan, ya kankare tantanin da ya ruɓe, ya duba halin guringuntsi. Ita ma ba kullum take gamawa sau ɗaya ba, wani sai an maimaita, in cuta ta ci ƙashi kuwa sai an tsaga.

A ganinmu, wanda ya zo bayan kwana uku, ga sukari, ga Sitafilokokus, wanki tun farko ya fi masa, in na'ura da mai sarrafa ta suna kusa. Inda babu su, allurar yau ta fi wankin mako mai zuwa, muddin ana auna gwiwa kullum, an kuma shirya motar da za ta kai shi gaba in kwana biyu ko uku suka wuce ba sauƙi.

Malamin ya yi mako biyu ana ba shi magani ta jijiya, ya ƙara mako huɗu yana haɗiya. Tun kwana biyu bayan wanki aka sa shi lanƙwasa ƙafa, yana kuka yana yi, don kada gaɓar ta sandare. Ya koma aji da sanda, yanzu ya ajiye ta, amma har yau a kan kujera yake salla, gwiwar ba ta yarda ya durƙusa ba tukuna.