Minti Bakwai a Gindin Buhun Wake

Duk wanda ya taɓa tsayawa ranar kasuwa ya ga mai tallan da ke farawa da yabon hajarsa: daga waje aka kawo ta, ba ta lalacewa, ba ta da na biyu. Mutane su ɗan dakata, su yi murmushi, su wuce. Sau da yawa kayan ba su da laifi. Jerin maganar ne ya zo a juye, an ba da magani tun ba a taɓa wurin ciwon ba.

Buhun adana wake mai riɓi uku, wanda aka sani da PICS, ya isa misali, domin yana da wuyar nunawa. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka samar da dabarar tare da abokan aikinsu na Afirka, kuma tun 2007 ake yaɗa shi a ƙauyukan Najeriya da Nijar da wasu ƙasashen yankin. Leda biyu ce masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Fitila mai aiki da hasken rana ana danna ta ta kama a gaban kowa. Shi kuwa buhu sai bayan watanni amfaninsa ke bayyana, ga mai talla ba shi da fiye da minti bakwai kafin taro ya watse.

Kafin ranar, a samu takarda a ja layi a tsakiyarta. A dama a rubuta abin da baki zai faɗa, a hagu abin da hannu zai yi a daidai lokacin. In aka ga layi uku a jere na magana ba tare da hannu ya motsa ba, wurin ya zama wa'azi, a rage shi.

Minti na farko na matsala ne, kuma buhun yana ɓoye a bayan tebur. Abin da ke fili shi ne faranti cike da waken da ƙwari suka huda, da garinsa da warinsa. A miƙa shi ya zaga hannu-hannu. Sannan a yi tambaya ɗaya: “Alhaji, bara da kaka nawa ka sayar da tiya? Da bazara fa nawa ta kai?” Kada mai talla ya kawo farashin da bakinsa. In manomi ya faɗi kuɗin biyu da kansa, ya riga ya lissafa asararsa a gaban maƙwabtansa, babu mai musa masa. Na ga masu buɗe jawabi da labarin yadda Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari. Labarin gaskiya ne, amma mai buhu huɗu a ɗaka ba Turai yake kai kaya ba. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne dole ta sa ya sayar da arha.

Daga nan a tambayi abin da suke yi yanzu. Wani zai ce toka, wani barkono, wani jarka, wani kuma ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu. A saurara ba tare da raini ba, don mai jarka ma ya kusa gano bakin zaren, shi ma iska yake toshewa. Ta kansa za a shiga bayanin dalili, kuma jimla biyu sun wadatar: ƙwaron yana biyo waken tun daga gona, yana hayayyafa cikin kusan wata ɗaya, kuma numfashi yake yi kamar kowa. In aka hana iska shiga, sai ya cinye wadda ke ciki, ya daina ci, ya mutu. Wanda ya zarce haka ya shiga karatun kimiyya, zai ɗaga kai ya tarar rabin mutane sun koma wajen mai tsire.

Sai yanzu buhu ya fito, wajen minti na uku. Nan ne ya kamata a daɗe, hannu na aiki baki na bin sa a hankali. A ɗauki ledar ciki a kaɗa ta ta cika da iska, a shaƙe bakinta a danna, kowa ya ga ba ta sacewa. A ba wata dattijuwa ƙwayar wake ta gatsa: “Inna, ya bushe?” In ya fashe ƙaras a haƙori ya bushe, in ya lotse sai a koma shanya. A zuba waken a leda ta farko, a matse iskar da ta rage a sama, a murɗe baki, a lanƙwasa shi, a ɗaure. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗaure ukun da igiya ɗaya shi ne kuskuren da aka fi yi a gida, saboda haka a kira saurayi daga cikin taro ya maimaita ɗaurin. In ya yi kuskure, madalla, a gyara masa kowa na gani.

Saura sakamako, inda yawancin masu talla ke kasawa. Sukan ɗaure buhu su ce “bayan wata shida za ku sha mamaki”, a tashi da alkawari kawai. Masu yaɗa PICS sun warware wannan da bikin buɗe buhu: a ɗaure wake da kaka a gaban jama'a, a bar shi a ƙauyen, bayan wata huɗu zuwa shida a dawo a buɗe. Ƙaramin ɗan kasuwa ma zai iya. Ya raba wake ɗaya gida biyu, rabi a buhun gama-gari, rabi a mai riɓi uku, ya rubuta kwanan wata a jiki, ya ba mai unguwa ko sarkin kasuwa ajiya. Shaidar nan ita ce jarinsa. Ba tare da ita ba, mutum na farko da zai yi magana cewa zai yi jiya da dare aka zuba sabon wake.

Ranar buɗewa kada mai kaya ya taɓa igiyar. Mai ajiyar ne zai kwance. A sa yara biyu su ƙirga ƙwaya ɗari daga tsakiyar kowane buhu, su ware masu huji gefe guda. A ce wancan ya ba da sittin, wannan ya ba da uku. Tsibi biyu ne a kan tabarma, ido na gani. A nan takardar ta ce wa mai talla ya yi shiru. Shirun yana da wuya, baki na ƙaiƙayi, amma gara a bar wani daga baya ya ce “kai!” Ukun nan kuwa kada a ɓoye su, a ce da hujinsu suka shiga, buhu ba ya ɗinke abin da ƙwaro ya riga ya ci.

Wannan ya kai mu ga iyakar kayan, wadda ya kamata ta fito daga bakin mai talla kafin a tambaye shi. Ɓera na iya huda leda, don haka a ɗora buhun a kan katako nesa da bango. Yawan buɗewa don ɗibar na abinci yana mayar da iska, gara a ware na girki daban. Leda mai ƙaramin huji kuma ta tashi daga aiki a matsayin ta ciki. Manomin da aka gaya wa haka tun farko, in ɓera ya yi masa ɓarna ɓeran zai zarga. Wanda aka ce wa buhun ba ya kasawa, mai talla zai nema.

Rabin minti na ƙarshe na kuɗi ne. A faɗi farashin buhun sau ɗaya, a auna shi da tiyar wake bisa kuɗin bazaran da Alhaji ya ambata da farko, a nuna rumfar da ake samunsa da ranar da za a sake zuwa. Sannan a mayar da farantin hujajjen waken kan tebur kusa da tsibin mai kyau, a bar su nan har a tashi kasuwa, saboda waɗanda suka iso a makare.