Wasiƙar da Ke Haɗa Kan Abokai Su Tafi Hutu Wuri Ɗaya

A ɗauka abokai takwas ne a Kano, 'yan aji ɗaya tun sakandare, suka yi shawarar fita hutu tare a ƙarshen Disamba. Uku na son Yankari. Biyu sun ce sai Jos, saboda sanyi da duwatsu. Ɗaya ya kafe a kan Mambila, domin ya daɗe yana ganin hotunan gonar shayi ta Kakara. Sauran biyun kuwa amsarsu ɗaya ce: "Duk inda kuka tsayar." Mako uku ana ta muhawara a waya, kowa na turo hotuna, babu wanda ya biya ko sisi. Yawancin irin waɗannan tafiye-tafiye a nan suke mutuwa, ba don an yi faɗa ba, sai don babu wanda ya zauna ya tattara maganar wuri guda.

Aikin da wasiƙar shawara ke yi ke nan. Mutum ɗaya ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa duka, ya jera zaɓin da ake da shi, ya faɗi kuɗin, ya nuna inda kowa zai sassauta, sannan ya nemi amsa kafin rana kaza.

Abu na farko da marubucin kirki ke yi shi ne auna wuraren da ma'auni ɗaya. Hoto ba ma'auni ba ne, ko'ina yana da kyau a hoto. Abin da zai raba gardama shi ne kwana nawa ake da su, kuma nawa hanya za ta ci. Abokan nan kwana huɗu ke gare su, domin biyu daga cikinsu ma'aikata ne. Daga Kano zuwa Jalingo wuni guda ne cur, daga Jalingo kuma a bi ta Bali da Serti a hau dutse zuwa Gembu, wannan ma kusan wani wunin. Zuwa da dawowa sun cinye kwana huɗun, ba a ga komai ba sai ta tagar mota. Idan wasiƙa ta shimfiɗa lissafin nan, mai son Mambila ba zai ji an ƙi ra'ayinsa ba, zai ga cewa kwanakin ne ba su kai ba.

Yankari lissafinta daban. A wuni ɗaya ake isa: Kano zuwa Bauchi ta Ningi, a ɗauki hanyar Gombe, a karkata a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, sannan a ƙara kimanin kilomita 43 cikin daji kafin sansanin Wikki. Kuma Disamba farkon lokacinta ne. Da rani ciyawa ta bushe, namun daji na taruwa a gefen kogin Gaji don shan ruwa, sun fi sauƙin gani. Ga ruwan Wikki mai ɗumi, wanda zafinsa ke tsayawa a wajen digiri 31 dare da rana.

A nan ne masu zumuɗi ke yin kuskure. Mai son wuri yakan cika baki, ya yi alkawarin giwaye kamar a ɗaure suke suna jiran baƙi. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, ana iya zagayawa safe da yamma ba a ga giwa ba, sai gwanki da ɓauna da birai. Wasiƙar da ta faɗi haka tun farko ta fi samun amincewa, kuma ta kare marubucinta daga gorin hanyar dawowa. Haka ma ya dace ta ambaci biran sansanin, waɗanda ke wawushe abinci idan aka bar ɗaki a buɗe.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan wasiƙar. Farashi na canzawa, don haka marubuci ya buga waya ya tambayi direba da masauki a makon da zai rubuta, ya kuma sa ranar da ya tambaya. Misali kawai, a ce shatar bas ta kwana huɗu har da mai naira 320,000 ce. Ɗakuna huɗu, mutum biyu-biyu, kwana uku a kan 20,000 kowanne, sun kama 240,000. Abinci da kuɗin shiga da motar zagaya daji a ce 20,000 kowa. Rabon mota 40,000, ɗaki 30,000, jimla 90,000. A ƙara 10,000 na ko-ta-kwana, a tsayar da 100,000 kowane mutum. Wannan adadi guda shi mutane ke nema da ido, saboda haka a sa shi tun sakin layi na farko.

Akwai dabarar da ba kowa ke lura da ita ba: raba kuɗin tarayya da na kai. Abinci yana raguwa idan mutum ya fasa, mota ba ta raguwa. Idan biyu suka janye ana gobe tafiya, rabon bas ya tashi daga 40,000 zuwa sama da 53,000 a kan waɗanda suka cika alkawari. Shi ya sa wasiƙa ke neman kafin alƙalami daidai da kuɗin mota, tare da faɗa a fili cewa wanda ya fasa bayan an kama bas ba za a mayar masa ba. Maganar tana da nauyi tsakanin abokai, amma faɗarta a rubuce kafin kowa ya biya ya fi sauƙi nesa da neman ta daga baya.

Sassaucin kuma dole ya zama na gaske, a kira shi da sunansa. Ga yadda sashen zai iya kasancewa: "'Yan uwa, ni Yankari nake ba da shawara, ba zan ɓoye ba. Amma masu son Jos, daga Bauchi tafiyar kamar awa biyu ce. Mu yi kwana biyu a Wikki, na ukun mu kwana Jos, da safe mu leƙa gidan tarihi mu kamo hanyar gida. Ƙarin mai ne kawai, zan tambayi direba in sanar da ku. Malam mai Mambila, ka yi mana haƙuri wannan karon. Idan dogon hutu ya zo, kai za ka tsara tafiyar, ni ne na farko da zan biya." Marubucin ma ya bar wani abu, domin ya sarayar da kwana ɗaya a wurin da yake so, kuma ya kamata a ga hakan.

Saura mutum biyun da suka ce "duk inda kuka tsayar". Sau da yawa ba rashin ra'ayi ba ne, aljihu ne, kunya kuma ta hana su faɗa. Wasiƙa ba ta ambatar sunan kowa a kan wannan. Abin da take yi shi ne buɗe ƙofa: a biya kashi biyu, ko mutum uku su haɗa ɗaki, ko a tafi da kilishi da dambu da garin kwaki don rage sayen abinci. Sauran maganar a waya ake yin ta, tsakanin mutum biyu.

Wasiƙar takan rufe da tambaya ɗaya mai amsa ɗaya. Ba "me kuka gani?" ba, domin wannan zai dawo da muhawarar mako uku. A rubuta: "Wanda ya yarda da Yankari da kwana ɗaya a Jos a kan 100,000 da ɗan ƙarin mai, ya ce na yarda kafin sallar Juma'a, ya turo 40,000 zuwa Litinin. Idan mun kai shida, ranar Talata zan kama mota, in sake raba kuɗinta bisa yawanmu."