An caje ka kuɗin shokoba, tsohuwar na nan a mota

A ce ka kai Corolla gareji saboda gabanta na ƙara a kan gargada. Bakanike ya rubuta shokoba biyu na gaba naira dubu 90, kuɗin aiki dubu 10, ka tura masa ta banki. Bayan kwana uku ƙarar na nan yadda take.

Kada ka koma masa da faɗa tukuna. Kai motar wurin wani bakanike ya ɗaga ta, ya cire taya. Shokobar da aka kwance kwanan nan ba ta ɓuya: za a ga sawun sifana a kan notocin da ke riƙe da ita, ƙurar wajen ma ta goge. Idan notocin na nan da tsatsarsu da busasshen taɓo, jikin shokobar kuma na naso da mai, to ba a taɓa ta ba. Ɗauki hoto kafin kowa ya sa hannu.

Amma tsufan ƙarfe kaɗai ba hujja ba ne. Yawancin kayan da ake sayowa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna na Beljiyam ne, sun riga sun yi aiki a wata motar. Akwai kuma masu wanke tsohuwar su fesa mata baƙin fenti. Shi ya sa abu biyu za ka nema: rasit na shagon da aka sayo kayan, da tsofaffin da aka cire. Wanda ya sauya da gaske ba ya rasa ɗaya daga ciki.

Rubuta ƙorafin a takarda, ko da kun saba. Sa ranar gyara, lambar mota, abin da aka caje ka da shaidar turawar kuɗin. Sannan ka ce: "Malam, an duba motar, an tarar tsofaffin shokoba ne a jiki. Ina neman rasit da kayan da aka cire cikin kwana bakwai, ko a dawo mini da dubu 100." Da kuɗin aikin, domin aikin ma ba a yi ba. Kada ka kira shi ɓarawo. Sau da yawa yaron gareji aka aika kasuwa, kuma zagi kan mayar da mai gaskiya mai laifi.

Idan ya yi kunnen ƙashi, fara da shugaban garejin ko ƙungiyar kanikawa ta NATA, don a nan aka fi saurin sasantawa. Daga nan sai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ko kotun ƙananan basussuka irin ta Kano, inda ba sai da lauya ba. Ita ma kotun sai ta ga takardar neman biya da ka fara aika masa, don haka ka ajiye kwafinta.