Yadda Gishiri Ke Gyara Ruwa Mai Cin Sabulu

Ina so in yi ɗan bayani a kan irin ruwan nan na rijiya wanda in an sa masa sabulu ba ya kumfa, sai dai wani dusa-dusa ya taso a bisansa. Shi ne kuma ya kan bar farin ɓawo a gindin buta. Ana yawan samunsa inda ƙasa ta ke da dutsen farar ƙasa, kamar wajen Ewekoro da Nkalagu. Ruwan sama in ya ratsa irin dutsen nan sai ya narkar da kaɗan daga cikinsa, ya ɗauko abubuwa biyu, kalsiyam da maganisiyam. Su ne ke kama sabulu su mai da shi dusa, su ne kuma ke toshe bututun tukunyar ruwan zafi har wuta ta riƙa ci a banza. Tafasawa ta kan fid da wani kashi nasu, amma wani kashin ko an kwana ana tafasawa yana nan.

Maganin da a ke yi yanzu shi ne a bi da ruwan ta cikin tulu cike da waɗansu 'yan ƙwayoyi na roba, masu launin zuma, ƙanana ƙwarai, yawancinsu ba su kai milimita ɗaya ba. Sunansu rezin. Waɗansu Turawan Ingila biyu, Adams da Holmes, su ne suka fara haɗa irinsa a 1935, amma tun a 1850 wani mai suna Way ya nuna ƙasar gona ma ta kan yi irin wannan musaya.

Ga yadda abin ya ke. Gishiri ko dutse in ya narke a ruwa ya kan rabu ya zama 'yan mitsi-mitsin gutsattsari masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda masana ke kira ayon. Ayon na sodiyam, watau rabin gishirin da mu ke ci, cajinsa ɗaya ne. Na kalsiyam da na maganisiyam biyu-biyu ne. A jikin kowace ƙwayar rezin, ciki da waje, akwai gurabu bila adadin masu kishiyar caji, kafaffu ne ba su motsi, kowane gurbi kuwa da sodiyam guda a zaune. To, in kalsiyam ya iso, da ya ke hannu biyu gare shi ya fi sodiyam riƙo, sai ya kama gurbi biyu, ya tunkuɗe sodiyam biyu su bi ruwa. A rubuce, in mun sa R a madadin gurbi:

2RNa + Ca²⁺ ⇌ R₂Ca + 2Na⁺

Sodiyam ba ruwansa da sabulu, ba ya kuma yin ɓawo a buta. Saboda haka ruwan da ya fito ta ƙasan tulu sai ya yi kumfa sosai.

Amma gurabun nan suna da iyaka. Bari mu yi lissafi. A ce makaranta tana da tulu mai rezin lita 25, ruwan rijiyarta kuwa an auna an ga kowace lita tana da kwatankwacin miligiram 250 na farar ƙasa. A wajen aiki, lita guda ta rezin ta kan kama misalin giram 50. Lita 25 ke nan giram 1,250. In mun raba 1,250 da rubu'in giram, mun sami lita 5,000. In ɗakin wanki yana cin lita 1,000 a yini, ran kwana biyar rezin ya cika. Ruwa zai ci gaba da wucewa garau, ido ba zai ga bambanci ba. Hanyar ganewa mai arha ita ce a ɗebi ruwan a kwalba, a ɗiga ruwan sabulu, a girgiza. In kumfa ta tsaya, da sauran aiki. In ta mutu nan da nan ruwan ya yi fari-fari, lokacin gishiri ya yi.

Nan ne wurin da ni na fi so a lura. Tun da mun ce kalsiyam ya fi ƙarfin riƙo, ina sodiyam zai iya korarsa? Dubi kibiyar lissafin can, kai biyu gare ta, watau musayar tana iya komawa baya. Abin da ke juya ta shi ne yawa. A ruwan rijiya kalsiyam ɗan kaɗan ne, amma in aka kwararo ruwan gishiri mai kauri, kashi 10 cikin 100, ayon na sodiyam da ke cikin lita guda sun ninka kalsiyam na litar ruwan rijiyar nan fiye da sau 700. Duk kalsiyam da ya ɗan saki gurbinsa, kafin ya koma sodiyam sun cike wurin, ruwa kuma ya yi gaba da shi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Har ma a ruwa mai kauri haka, fifikon da rezin ke ba mai caji biyu ya kan ragu ƙwarai. Shi ya sa ruwan gishiri tsararo ba ya aikin, ko da gishirin da aka narkar nauyinsa ɗaya ne.

Ba a fara da gishiri. Da fari a kan tura ruwa daga ƙasa zuwa sama kamar minti 10, don ƙwayoyin su warware, laka ta fita. Sa'an nan a shigar da ruwan gishiri sannu a hankali, ya yi kamar rabin sa'a yana ratsawa. Gaggawa a nan asara ce, gishirin zai wuce bai shiga cikin ƙwayoyin ba. Daga nan a ɗauraye a hankali, kana a ɗauraye da ƙarfi har ɗanɗanon gishiri ya ɓace.

Gishiri nawa? Bisa lissafi tsantsa, korar giram 1,250 ɗin nan na bukatar kilo ɗaya da rabi, ko ƙasa kaɗan. Amma da ya ke da yawa a ke cin nasara, a kan sa misalin giram 100 ga kowace litar rezin, watau kilo biyu da rabi a tulunmu. Kada mai kula ya ce bari ya ninka don ya huta. In ya kai giram 240, abin da lita za ta kama bai wuce wajen giram 70 ba, gishiri ya fi ninki biyu, riba ba ta kai rabi ba.

In an yi wankin gishiri amma kumfa ta ƙi, a fara duba tankin gishirin. Wani lokaci gishirin ya kan daskare a sama ya bar rami a ƙasa, ruwa bai taɓa shi ba, sai a sa sanda a fasa. In ba shi ba ne, a ɗebo ƙwayoyin a duba. In sun yi ja kamar tsatsa, ƙarfen da ke cikin ruwan rijiya ne ya lulluɓe su, gishiri kaɗai kuwa ba ya fid da shi. In sun yi laushi suna murjewa a yatsa, kulorin na ruwan famfo ne ya cinye su, sai canji.

Rezin ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ruwan sha dai sai an tafasa. Kowace lita ta ruwan misalinmu kuma ta ƙaru da sodiyam miligiram 115, saboda haka wanda likita ya hana wa gishiri gara ya sha daga famfon da bai bi ta tulu ba. Ruwan da ya fito lokacin wankin gishiri kuwa, a yi masa hanya nesa da lambun makaranta da bakin rijiya, domin ya kan ƙone shuka.